Yadda ake gane farin ƙwaron da ke kama furen cikin gida, da yadda ake kawar da shi

Idan ka ga wani farin abu kamar guntun auduga ya maƙale a karan furen da ke tukunya a falo ko a baranda, musamman a inda ganye ya haɗu da kara, to galibi ƙwaro ne da ake kira milibog. Tamatar ba ta wuce milimita 3 zuwa 5 ba, ba ta da fiffike, tafiyarta ma da ƙyar ake gani. Farin da ke jikinta kakin da take fitarwa ne ta lulluɓe kanta da ƙwayayenta. Wannan kakin shi ne tushen wahalar, domin ruwa zamewa yake yi a kansa, maganin feshi ma sau da yawa ba ya ratsa shi.

Kafin a fara magani sai a tabbatar da cutar. Ka ɗauki tsinken sakace ka tsokano farin abin, ka murtsuke shi a kan farar takarda. In ƙwaron ne, za ka ga ɗan ruwa mai launin ruwan ɗorawa ko ja-ja. In kuwa funfuna ce, shimfiɗe take a saman ganye kamar gari, ka goge ta babu komai a ƙarƙashi. Alama ta biyu ita ce danƙo. Ƙwaron yana soka bakinsa ne a jikin shukar yana tsotsar ruwanta, sai ya fitar da wani ruwa mai zaƙi, irin darɓar da manoma suka sani a ganyen dawa. Ganyen ƙasa sai su riƙa maƙalewa a yatsa, daga baya baƙar funfuna ta hau kansu. Kiyashi da tururuwa na son wannan zaƙin, don haka in ka ga suna hawa da sauka a tukunyar fure, ka leƙa bayan ganye.

Bari mu ɗauki tukunyar kuroton, furen nan mai ganye ja da rawaya da kore, domin yana cikin waɗanda ƙwaron ya fi so. A ce an tarar da farin a rassa biyu, ganyen ƙasa sun fara rawaya suna zubewa.

Abu na farko shi ne a raba tukunyar da sauran furanni, a kai ta wani wuri mai inuwa inda ganyenta ba zai taɓa na wata ba. A goge wurin da ta tashi da ruwan sabulu, sannan a duba maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya, domin ƙananan 'ya'yan ƙwaron suna rarrafawa daga ganye zuwa ganye. Reshen da farin ya rufe shi gaba ɗaya kada a ɓata lokaci a kansa. A yanke shi da almakashi, a ƙulle a leda a jefar, kada a yar da shi kusa da wata shuka.

Daga nan sai aikin hannu. A sayo sifirit a kemis, wanda ƙarfinsa bai wuce kashi 70 cikin 100 ba, da audugar goge kunne. Sifirit yana narkar da kakin ya kashe ƙwaron nan take, za ka ga farin ya ɓace jikin ya koma ruwan ƙasa. Amma da yake wasu ganyayen ba sa jure shi, sai a fara shafa wa ganye ɗaya a jira kwana ɗaya ko biyu. In bai ƙone ba, sai a riƙa tsoma audugar ana dangwala wa kowane ƙwaro ana ɗauke shi. A faro daga sama a gangaro. A buɗe hammatar kowane ganye, a juya bayansa a bi jijiyar tsakiya, a duba sabon toho da bai gama buɗewa ba, da gindin karan inda ya shiga ƙasa. A ƙarshe a goge bakin tukunyar da ƙarƙashinta da farantin da take kai, don a nan ma suna ajiye ƙwai.

In an gama, sai a wanke shukar. A rufe ƙasar tukunyar da leda, a karkata ta, a watsa wa ganyen ruwa mai ɗan ƙarfi ta sama da ta ƙasa, yadda danƙon da ƙananan da ido bai gani ba za su tafi. Bayan ganyen ya tsane sai feshi. A zuba ƙaramin cokali biyu na sabulun ruwa mara kaifi a cikin lita ɗaya ta ruwa. Wanda ke da man darbejiya ya zuba ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya tare da ɗan sabulu, don man ya haɗu da ruwan, ya riƙa girgiza kwalbar yana fesawa. Kada a yi amfani da garin wanki, yana ƙona ganye. A yi feshin da yamma, har ruwan ya riƙa ɗiga daga bayan ganyen, kuma kada a bar shukar a rana da mai a jikinta. Sabulun sai ya taɓa jikin ƙwaron yake kashe shi, in ya bushe aikinsa ya ƙare.

A nan ne mutane da yawa suke yin sake. Sun ga furen ya yi tas, sai su mayar da shi falo, bayan wata guda farin ya dawo su ce maganin ba ya aiki. Dalilin kuwa ƙwai ne. Tamata ɗaya tana iya saka ƙwai ɗaruruwa a cikin farin buhunta, suna ƙyanƙyashewa cikin kamar mako ɗaya zuwa kwana 10, kuma feshi ba ya cika kashe su. 'Ya'yan da suka fito ba su riga sun yi kaki ba, lokacin ne sabulu ya fi cin su. Saboda haka dole a maimaita dubawa da gogewa da feshi duk bayan kwana 7, har tsawon mako 4 zuwa 6, don a riƙa cim ma kowane sabon rukuni kafin ya girma ya yi nasa ƙwan. Sai an yi mako biyu ko uku a jere ba a ga ko ɗaya ba za a mayar da tukunyar cikin 'yan'uwanta.

In an yi duk wannan amma furen na ci gaba da yaushi ko da an ba shi ruwa, a zare shi daga tukunyar a duba saiwa. Akwai nau'in da ke zama cikin ƙasa, alamarsa farin gari a jikin saiwa da bangon tukunya ta ciki. Sai a kakkaɓe ƙasar duka a zubar, a wanke saiwar, a dasa a sabuwar ƙasa cikin tukunyar da aka wanke da sabulu.

A lokacin jinya a dakatar da takin zamani, musamman mai yawan naitirojin irin su yuriya, domin yana sa shuka ta fitar da toho mai taushi, wanda shi ƙwaron ya fi so. A kuma toshe hanyar kiyashi, tun da suna kare shi daga ƙwarin da ke cinye shi. Furen da ƙwaron ya mamaye daga sama har saiwa gara a jefar da shi a tsirar da sauran. Duk sabon furen da ka sayo kuwa, ka ajiye shi shi kaɗai na mako biyu zuwa uku kana duba hammatar ganyensa, domin ta wannan hanyar ƙwaron ya fi shigowa gida.