Yadda Ake Rubuta Sayar da Kadara Mai Ɗorewa a Littafin Lissafi

Kadara mai ɗorewa ita ce abin da aka saya don a yi shekaru ana aiki da shi, kamar mota ko inji ko gini. Irin wannan kadara tana da asusu biyu a littafi. Na farko yana riƙe da kuɗin da aka saye ta. Na biyu kuwa shi ne inda ake tara raguwar darajarta shekara bayan shekara, domin duk abin da ake mora yana tsufa. Ranar da aka sayar da ita, wajibi ne a rufe asusun nan biyu tare. Ka'idar akantoci ta duniya mai lamba IAS 16 ta tanadi haka.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar manoma da ta sayi injin casar shinkafa Naira 6,000,000 ran 1 ga Janairu 2020. An ƙiyasta zai yi shekara biyar, a ƙarshe kuma a sayar da shi Naira 1,000,000. Ke nan darajarsa tana raguwa da Naira 1,000,000 kowace shekara. Sai aka sayar da shi ran 30 ga Yuni 2023 a kan Naira 2,200,000, aka ba dillali la'adar Naira 100,000.

Abu na farko shi ne a cika lissafin raguwar daraja har ranar ciniki. Daga 2020 zuwa ƙarshen 2022 an tara Naira 3,000,000. Amma injin ya ƙara yin aiki wata shida, don haka a ƙara Naira 500,000, jimla ta zama Naira 3,500,000. Idan aka ɗebe wannan daga kuɗin saye, saura Naira 2,500,000. Ita ce darajar injin a littafi, kuma da ita ake auna riba ko hasara. Mai auna cinikin da Naira 6,000,000 zai zaci an tafka babbar hasara, ya manta da shinkafar da injin ya casa shekara uku da rabi.

Daga nan sai a buɗe asusu na wucin gadi, asusun sayar da kadara. A rubuta Naira 6,000,000 a ɓangaren dama na asusun inji don ya rufu, a kai adadin ɓangaren hagu na sabon asusun. A rubuta Naira 3,500,000 a hagun asusun tarin raguwar daraja, shi ma ya rufu, a kai adadin daman sabon asusun. Kuɗin ciniki, Naira 2,200,000, ya shiga hagun asusun banki da kuma daman sabon asusun. In bashi aka bayar, sunan mai saye ne zai maye gurbin banki. La'adar dillali kuwa ta fita daga banki ta zauna a hagun sabon asusun.

Yanzu hagu ya tashi Naira 6,100,000, dama Naira 5,700,000. Hagu ya rinjaya da Naira 400,000, wato hasara, sai a kai ta asusun riba da hasara na shekarar. Da a ce Naira 2,900,000 aka sayar, da dama ya rinjaya da Naira 300,000, ta zama riba. Wannan riba ana rubuta ta daban, ba a gwama ta da kuɗin casar yau da kullum, gama ƙungiyar ba sana'ar sayar da injuna take yi ba.

Hasarar nan tana nuna cewa injin ya fi saurin tsufa a kan yadda aka ƙiyasta tun farko. Ita ma ribar kada a ɗauke ta ƙwarewar ciniki. Sau da yawa faɗuwar darajar Naira ce ta kawo ta, kuɗin kuma ba zai isa sayen sabon inji ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba kuɗin cinikin cikin kuɗin shiga na kullum, a bar injin a littafi. Riba ta kumbura, shekara ta zagayo kuma a ci gaba da rage darajar abin da ba ya nan. Wani akawun yakan ɗebe Naira 2,200,000 kaɗai daga asusun inji, ya bar Naira 3,800,000 tana reto babu kadarar da ke bayanta. Wanda ya manta da wata shidan nan kuwa, hasararsa za ta fito Naira 900,000. Jimlar ribar shekara ba ta canja ba, amma tsadar gudanar da injin ta ɓuya cikin hasarar sayarwa. Ana gane kuskure biyun farko ta hanyar ɗaukar rajistar kadarori a zaga a ƙirga abin da ke ƙasa, sannan a gwada jimlarta da ta babban littafi. Saboda haka ranar ciniki a soke injin daga rajista, a ajiye rasit tare da takardar amincewar shugabannin ƙungiya.