Yadda Ake Gane Dannawar Bogi a Tallan Intanet da Hanyar Toshe Ta

Sau da yawa ɗan kasuwar da ke talla a Google Ads yana biyan kuɗi ne a kan kowace dannawa da aka yi wa tallansa. Sai dai ba kowane mai dannawa ne mai saye ba. Akwai abokin hamayya da ke son ƙarar da kasafin ɗan uwansa, akwai kuma masu shafuka da manhajoji da ke sa na'urori su yi ta dannawa domin a biya su kamasho. Kamfanin Google yana tace wasu daga ciki, yana nuna adadinsu a ƙarƙashin `Invalid clicks` ba tare da ya caji mai talla ba, amma wasu kan kuɓuce masa.

Babbar alamar da za a lura da ita ita ce dannawa ta ƙaru, ciniki bai ƙaru ba. A misali, mai sayar da farantan sola yana samun dannawa 100 a rana a kan Naira 50 kowace ɗaya, mutum biyar kuma su kira shi. Kwatsam sai dannawar ta kai 300, kuɗin ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000, masu kira kuwa suna nan biyar.

Matakin farko shi ne ya duba rahoton `Where ads showed`, wanda ke jera wuraren da tallan ya fito. In ya tarar dannawa 180 sun fito daga manhajojin wasa biyu, kuma ba wanda ya wuce daƙiƙa biyu a shafinsa, sai ya sanya su cikin jerin wuraren da aka haramta wa tallan. Ko zamba ce ko kuskuren yatsan yara, asarar ɗaya ce.

Mataki na biyu ya shafi adireshin IP. Google ba ya bayyana waɗannan adiresoshi, don haka sai a nemo su a kundin sabar shafin, inda ziyarar da ta zo ta talla kan ɗauki alamar `gclid`. Adireshin da ya maimaitu sau talatin cikin sa'a guda sai a shigar da shi a `IP exclusions`, wanda ke karɓar har 500 a kowane kamfe.

Amma a yi hattara. Kamfanonin waya kan haɗa masu layi da yawa a adireshi guda, adireshin kuma yana sauyawa. Wanda ya toshe irin wannan zai iya korar masu saye na gaskiya, shi kuwa macucin ya dawo da sabo. Saboda haka a fara bincikar mamallakin adireshin: in na cibiyar adana bayanai ne a toshe, in na kamfanin waya ne a dakata, a tattara hujja a nemi Google ya yi bincike.