Yadda ake rubuta takardar manufar koyarwa don neman aikin mataimakin malami

A ce wani ɗan Achilafiya, ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi, ya gama digirin farko a lissafi, ya yi hidimar ƙasa a wata sakandare, yanzu yana neman gurbin mataimakin malami tare da karatun digiri na biyu. Jami'o'i da dama na Amurka da Kanada sukan nemi ya haɗa da takarda mai shafi ɗaya ko biyu da zai bayyana yadda yake koyarwa. A nan gida kuwa, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021, ko a Jami'ar Bayero, an fi tsayawa kan takardun shaida da intabiyu. Duk da haka wanda ya rubuta ta ya shirya wa ranar da za a miƙa masa alli a ce ya gwada.

Kafin ya ɗora biro, zai zaɓi darasi guda da ya san ɗalibai na tuntuɓe a kansa. Guda ɗaya tak. Namu ya ɗauki ma'aunin warwatsuwar alƙaluma, wanda ake rubuta shi haka: σ = √(Σ(x − μ)²/n). Sai ya faɗi ainihin inda ake maƙalewa. Ɗalibai suna haddace dokar, amma ka tambaye su dalilin ninka kowace rata da kanta, sai aji ya yi tsit.

Daga nan zai nuna darasin kamar yana gaban allo, kuma wannan sashe shi ya kamata ya ci rabin takardar. Zai rubuta cewa yakan ɓoye dokar tukuna, ya kawo manoma biyu na misali. Na farko ya samu damin gero 38, 40, 42, 40, 40 a damina biyar. Na biyu ya samu 10, 70, 20, 60, 40. Kowannensu matsakaicinsa 40 ne. Sai ya tambayi aji: wanne za ku ba bashin taki? Kusan kowa zai ce na farko, domin na biyu wata shekara rumbu ya cika, wata shekara sai awo a kasuwa. Ashe sun riga sun ga abin da ake son aunawa, lamba ce kawai ba su da ita.

Sai ya bar su su nemo ta. Za su cire 40 daga amfanin kowace shekara, su tara ratar, sai su tarar da sifiri ga manoman biyu, saboda ƙari da ragi sun cinye juna. A wannan gaɓar ce ɗalibi da kansa yake neman dabarar da za ta hana hakan, ninkawar kuma ta shigo da dalilinta. Na farko zai tashi da 8, a raba da 5, a ɗauki tushe, kusan 1.3. Na biyu 2,600, a raba da 5 ya zama 520, tushensa kusan 22.8. Ɗalibi mai kaifi zai ce ai ana iya watsar da alamar ragi kawai. Yana da gaskiya, wannan ma ma'auni ne, kuma mai neman aiki zai ƙara daraja idan ya rubuta yadda yake amsa masa: ninkawa tana ba babbar rata nauyi na musamman, kuma ta fi daɗin sarrafawa a lissafin da ke gaba.

Bayan haka zai faɗi yadda yake gane an fahimta. "Kun gane?" ba gwaji ba ne, kowa "e" zai ce. Gara ya ce a ƙara dami 5 a kowace shekara, a faɗi abin da zai sami ma'aunin ba tare da lissafi ba. Wanda ya ce ba zai motsa ba ya kama. Wanda ya ce zai ƙaru da 5 yana rikita shi da matsakaici, sai a koma da shi kan rata.

Ya taɓo harshe a layi biyu: yana buɗe misali da Hausa idan ajin ya ba da dama, ya rufe da Turancin da za a yi jarrabawa da shi, kuma yana sauya gero da wani abu ga ɗaliban da ba su san dami ba. Ya ambaci inda ya koyar da girman ajin, ba tare da ƙarin gishiri ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan takarda shi ne jimlolin da kowa zai iya sa wa hannu, irin su son ɗalibai da kishin ilimi. A ganina duk jimlar da malamin tarihi zai ɗauka ya liƙa a tasa ba tare da ya sauya komai ba, a soke ta. Sannan ya ba wani wanda bai karanci lissafi ba ya karanta, ya tambaye shi dalilin ninka ratar. Idan ya kasa amsawa, a sake rubuta sashen manoman.