Auli da Munasaha a Rabon Gidan Gado: Nazarin Mas'ala Ɗaya daga Unguwar Hubbare, Sakkwato

Hubbare, inda makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake tun rasuwarsa a 1817, tana cikin tsofaffin unguwannin birnin Sakkwato. A irin waɗannan unguwanni akan tarar da uba da 'ya'yansa magidanta da jikoki suna shiga ta zaure ɗaya, saboda haka idan mutum ya rasu, waɗanda suka fi kusa da dukiyarsa a zaune ba lallai su ne magadansa a shari'a ba. Shehu kansa, a Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwace dukiyar mamaci da sunan gado cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Wannan maƙala za ta ɗauki mas'ala ɗaya ta misali, ta bi ta bisa mazhabar Malikiyya, wadda Risala da Muhtasar na Halilu suka shimfiɗa kuma kotunan shari'a na jihar suke hukunci da ita.

A ƙaddara wani magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa, uba, da shaƙiƙai uku, maza biyu da mace ɗaya. Kafin a ambaci rabo sai an tantance tarika. Ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya ga wata kadara, kamar jingina, sannan kuɗin likkafani da binnewa, sannan bashi, sannan wasiyya daga sulusin abin da ya saura. Akwai kuma tambayar da ake yawan tsallakewa a gidajen gado: shin gidan na mamacin ne, ko kuwa ɗaki kawai ya gina a filin mahaifinsa? A nan za mu ɗauka gidan mallakarsa ne, kuma bayan an yi masa ƙima an cire waɗancan haƙƙoƙi, abin da ya rage naira 27,000,000 ne.

Aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i su ne suka yanka rabon huɗu daga cikin magadan. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, saboda mamacin ya bar zuriya. 'Ya'ya mata biyu suna da sulusi biyu. Uwa tana da sudusi. Uba ma yana da sudusi, kuma tun da babu ɗa namiji, idan wani abu ya yi saura shi zai ɗauka a matsayin asaba. Shaƙiƙai kuwa ba su da ko kwabo, domin uba yana katange su gaba ɗaya, ko da su ne suka yi jinyar ɗan'uwansu.

Ƙaramin adadin da takwas da uku da shida duk suke raba shi ba tare da saura ba shi ne 24, don haka shi ne asalin mas'alar. Matar tana da 3, 'ya'ya mata 16, uwa 4, uba 4. Idan aka tara sai a sami 27. Rabon da aka yanka ya zarce dukiyar da ake da ita da kashi uku, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan magada da za a iya korewa.

Maganin wannan shi ne auli. Ana mayar da asalin mas'alar daga 24 zuwa 27, kowa ya riƙe adadin kasonsa, amma kowane kaso ya ɗan ƙanƙance. Kwatancinsa shi ne yadda masu bin bashi suke raba dukiyar wanda ya karye gwargwadon abin da kowa yake bi. A misalinmu kowane kaso naira miliyan ɗaya ne: matar miliyan 3, kowace 'ya miliyan 8, uwa miliyan 4, uba miliyan 4. Tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara ke nan. Malaman fara'il suna kiran wannan mas'ala Mimbariyya, saboda an ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Aliyu ita yana bisa mumbari a Kufa, ya amsa nan take. Halifa Umaru ne ya fara hukunci da auli bayan ya shawarci sahabbai. Ibnu Abbas ya saɓa, amma mazhabobi huɗu duk sun tafi a kan aulin. Asali 24 ba ya hawa zuwa wani adadi sai 27.

Kuskuren da ya fi saurin aukuwa a nan ba na jahilcin ayoyi ba ne, na tsarin lissafi ne. Mai rabo yakan bi magada ɗaya bayan ɗaya yana cire wa kowa cikakken rabonsa: matar 3,375,000, 'ya'ya mata 18,000,000, uwa 4,500,000, sannan ya ce wa uba ga saura, tun da shi asaba ne. Sauran kuwa 1,125,000 ne kacal. An tauye wa tsohon naira 2,875,000, kuma saboda kawaicin da Bahaushe yake yi a kan dukiyar ɗansa, da wuya ya buɗe baki. Alamar gane kuskuren a bayyane take: a wannan mas'ala dole rabon uba da na uwa su zo daidai. Hanyar kauce masa kuma ita ce kada a taɓa naira sai an tara kason kowa an gwada shi da asali.

Matsayin shaƙiƙai ya rataya ne ga tambaya ɗaya: wa ya riga wani rasuwa? Da uban ya riga ɗansa, babu auli. Matar da 'ya'ya mata da uwa za su ɗauki 23 cikin 24, kashi ɗayan da ya rage, wato 1,125,000, ya tafi ga shaƙiƙai, namiji ya sami ninkin mace: kowane namiji 450,000, macen 225,000. Da kuma akwai ɗa namiji ko ɗaya, shi ma zai katange su kamar yadda uba ya yi.

Sai dai abin da ya fi faruwa a gidajen gado shi ne jinkiri. Ana jin nauyin tayar da maganar rabo alhali tsoho yana raye, shekaru su wuce, sai shi ma ya rasu. Wannan ita ce munasaha: mutuwar magaji kafin a raba gadon farko. Haƙƙin uban ya tabbata tun ranar da ɗansa ya cika, don haka miliyan 4 ɗinsa ba su komawa ga jikokinsa mata. Suna shiga tarikarsa ne. Idan ba shi da wasu magada, matarsa, wato uwar mamacin farko, za ta ɗauki tumuni, 500,000. Sauran 3,500,000 a kasa biyar: kowane ɗa 1,400,000, 'yar 700,000. Jikokin biyu ba su da komai a wannan rabo na biyu, domin baffanninsu sun katange su, sai fa idan kakan ya yi musu wasiyya.

Ta wannan ƙofa ce baffannin da aka katange da farko suke samun haƙƙi a cikin gidan, kuma a nan ne rigima takan tashi. Su sukan ɗauka rabon nasu ya kai na 'ya'yan mamaci, ko ya fi, saboda su ne maza kuma su ne a zaune. Lissafi kuwa ya nuna cewa su ukun tare ba su wuce miliyan 3.5 cikin 27 ba, alhali 'ya'ya matan biyu, waɗanda ƙila aure ya kai su wata unguwa, suna da 16. Idan gidan ba zai kasu ba tare da lalacewa ba, ko dai wasu magada su biya sauran bisa ƙima, ko a sayar a raba kuɗin. Idan kuma ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da shufa'a, wato haƙƙin karɓe kason a kan farashin da aka saya.