Fitowar Farin Koloni Ba Shaida Ba Ce Cewa Ƙwayar Gadonka Ta Shiga

Duk shekara idan ɗaliban digiri na biyu suka shiga aikin bincike, magana ɗaya nake ji: "Malam, na samu farare, aiki ya yi." Sai ɗalibi ya tsinci fari guda, ya raine shi, ya ɓata makonni a kansa, daga baya a duba a tarar babu komai a cikin filasmid ɗin. Wannan fahimta, wai fari na nufin nasara, ta zama gado tsakanin ɗalibai, kowa na koya wa na bayansa. Kuskure ne. Abin da farin launi ke faɗa maka kawai shi ne bakteriyar ba ta narka X-gal ba. Dalilin rashin narkawar kuma kai ne za ka nemo shi.

Ba zan tsaya bayanin mene ne DNA ba, wanda ya kai wannan mataki ya wuce nan. Mu ɗauki filasmid pUC19, mai tsawon haruffa 2,686. Yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke sa bakteriya ta jure wa amfisilin, da kuma guntun lacZ, wanda wuraren yanka suke a tsakiyarsa. Bakteriyar da ake amfani da ita, irin su DH5α, tana da ragowar lacZ ɗin amma babu wannan guntu. Idan biyun suka haɗu sai inzayim ɗin ya cika, ya narka X-gal, koloni ya yi shuɗi. Idan ka cusa ƙwayar gadonka a tsakiyar guntun, ka lalata shi, koloni ya fito fari.

A ce ƙwayar gadonka haruffa 900 ce. Ka yawaita ta da PCR, da firaima masu ɗauke da wurin yankan EcoRI a gefe ɗaya, HindIII a ɗaya gefen, ka bar ƙarin haruffa kamar shida a wajen kowane wuri don inzayim ya samu abin kamawa. Tun kafin ka sayi firaima ka duba cewa babu GAATTC ko AAGCTT a cikin ƙwayar kanta, in ba haka ba da hannunka za ka datsa ta biyu. Ka yanka ta da filasmid da waɗannan inzayim biyu, ka gudanar da su a jel, ka ciro kowanne ka tsarkake. Amfanin yanka da inzayim biyu shi ne bakin filasmid ba zai koma ya rufe da kansa cikin sauƙi ba, kuma ƙwayar ta fuska ɗaya kaɗai za ta iya shiga.

Wajen haɗawa da T4 DNA ligase, ana son ƙwaya uku ga kowane filasmid ɗaya, a ƙidaya ba a nauyi ba. Tunda ƙwayar 900 kusan sulusin tsawon pUC19 ce, nanogiram 50 na filasmid zai buƙaci nanogiram 50 na ƙwayar. Wanda ya zuba 150 don ya ji an ce ninki uku, tara ga ɗaya ya yi. A bar haɗin ya kwana a digiri 16.

Washegari a zuba kaɗan daga haɗin cikin bakteriyar da aka shirya, a bar ta minti 30 a ƙanƙara, a tsoma ta a ruwa mai digiri 42 na daƙiƙa 45, a mayar ƙanƙara minti biyu. Sai a ƙara SOC a girgiza awa ɗaya a digiri 37, sannan a shimfiɗa a farantin LB mai amfisilin da X-gal da IPTG. A kife farantin a inkubeta awa 16.

To yanzu ga farare a gabanka. Kafin ka yi murna, akwai hanyoyi uku da fari ke fitowa ba tare da ƙwayarka ba.

Ta farko, wadda ta fi cin ɗalibai, ita ce barin faranti ya wuce lokaci. Kolonin da ke da filasmid yana fitar da inzayim mai lalata amfisilin ɗin da ke kewaye da shi. Idan faranti ya daɗe, bakteriyar da ba ta ɗauki filasmid ba sam sai ta samu fili ta tsiro a wurin. Za ka ga ƙananan ɗigo farare sun yi wa wani babban koloni zobe, kamar an barbaɗa gero a gindinsa. Farare ne don ba su da guntun lacZ ko kaɗan. Kama da wane ba wane ba ne. Ka sa ɗaya a sabon ruwan LB mai amfisilin, da safe za ka tarar da ruwan garau. Duk farin da yake ƙarami kuma yana raɓe da babba, ka ƙyale shi.

Ta biyu ita ce lalatattun kayan aiki. Haske na lalata X-gal, shi ya sa ake naɗe kwalbarsa da takardar alminiyam a ajiye a firiza. Amfisilin kuma zafi ke kashe shi. Wanda ya zuba shi a LB tun yana tururi, kafin ya sauko wajen digiri 50, ya yi asarar maganin. A ɗakunan gwajinmu inda wuta ke ɗaukewa firiza ta narke ta sake daskarewa, ba a yi wa kowace kwalba kyakkyawan zato. Idan farantinka kaf fari ne, babu shuɗi ko ɗaya, kada ka ce kai gwani ne. Ka fara zargin X-gal.

Ta uku, wani abu ya shiga amma ba naka ba: firaima biyu da suka manne da juna, ko guntun DNA da ya biyo ka daga jel, ko kuma bakin filasmid ya gutsure ya rufe a karkace. Duk waɗannan suna lalata lacZ, duk fari suke bayarwa.

Shuɗi ma yana yaudara. Ƙaramar ƙwaya da ta shiga ba tare da ta karya tsarin karatun haruffa uku-uku ba tana iya ba da shuɗi mai haske. Wanda kuma ya ɗauko BL21 don ita ya samu a firiza, komai shuɗi zai gani, domin lacZ ɗinta cikakke ne.

Maganin duk wannan faranti uku ne na shaida, kuma a nan nake ganin laifin masu duba ɗalibai da ke cewa a tsallake su don tattalin kaya. Na farko, bakteriya ba filasmid: bai kamata komai ya tsiro ba, in ya tsiro amfisilin ya mutu. Na biyu, pUC19 da ba a yanka ba: dole ya yi shuɗi, in ya yi fari X-gal ko bakteriyar ce da matsala. Na uku, yankakken filasmid da aka haɗa ba tare da ƙwayar ba: yawan fararen da ke kansa shi ne ma'aunin fararen ƙarya da ke farantinka. Kuɗin faranti uku bai kai na wata guda da za a ɓata kan koloni mara komai ba.

Idan launi bai fito sosai ba, sa farantin a firji na 'yan awanni, shuɗin zai ƙara turuwa. Sannan ka tsinci farare manya guda takwas zuwa goma da ke zaune su kaɗai, ka adana kowanne a sabon faranti mai lamba, ka yi musu PCR da firaima M13. Filasmid mara komai zai ba da layi a wajen haruffa ɗari da 'yan kai, mai ƙwayarka kuma kusa da 1,000. Ka ciro filasmid daga biyu ko uku masu kyau, ka sake yankawa da EcoRI da HindIII, ka ga layi biyu: ɗaya kusa da 2,600, ɗaya 900. Bayan haka ka aika a karanta jerin haruffan, domin PCR na iya sauya harafi guda kuma jel ba zai nuna maka ba. Sai sakamakon karatun ya dawo daidai sannan ka rubuta a littafinka cewa ƙwayar ta shiga.