Darasi: Waya iri ɗaya, rumbu daban

Jama'ar karkara, ga darasin wannan fitowa. Mutum biyu sun sayi waya a kasuwar Dole ta Damagaram. Injin wayoyin ɗaya ne. Amma ta ɗaya tana sauri, ta ɗayan tana nawa. Mene ne dalili?

A 2023 an fito da Tecno Spark 10 Pro da Redmi 12. Dukansu injinsu Helio G88 ne, kuma suna aiki da Android na kamfanin Google. Amma kowane kamfani yana sa wa Android tasa riga. Rigar Tecno sunanta HiOS. Ta Redmi 12 ta zo da suna MIUI. Tare da rigar, kamfani yana cusa manhajoji, wato ƙananan kayan aikin waya, tun kafin a sayar. Wayoyin Tecno da yawa suna zuwa da Boomplay da Palm Store.

Waya tana da rumbu, tana da tabarma. Rumbu shi ne wurin ajiyar hoto da saƙon murya. Ana auna shi da giga. Tabarma ita ce RAM, wurin da waya take baza aikin da take yi yanzu. Riga da manhajoji suna cin rumbu. Waɗansu kuma suna tashi da kansu, su zauna bisa tabarma. In tabarma ta cika, sai waya ta yi nauyi, batir ya ƙare da wuri.

Ga lissafi. A ce an rubuta giga 64 a kwalin wayoyi biyu. A ta farko, Android da riga sun ci 12, manhajoji sun ci 3. Saura 49. A ta biyu sun ci 16 da 6. Saura 42. Kuɗi ɗaya, amma an rasa giga 7.

Saboda haka, kafin a biya, a kunna waya. A shiga Paramètres, a taɓa Stockage. Nan za a ga abin da ya rage da gaske.

A gida kuma, a shiga Paramètres, a taɓa Applications. A zaɓi manhajar da ba a bukata. In an ga Désinstaller, a taɓa: ta fita, wurinta ya dawo. In Désactiver kaɗai aka gani, an ɗaure ta ne. Ta daina aiki, amma tana nan cikin rumbu.

Hattara! Kada a taɓa Services Google Play, don manhajoji da yawa sun dogara da shi. Kuma share hotuna ba ya faɗaɗa tabarma.

Tambayoyi:
1. Mene ne bambancin rumbu da tabarma?
2. Waya mai giga 128, an ci 21. Saura nawa?