Siffanta mata a tallace-tallace: ƙirga da jadawalin lambobi da inda yake gazawa

Idan aka tambayi ɗalibi yadda ake nuna mata a tallan talabijin da na rediyo, amsar da za a ji ba ta wuce cewa kullum suna ɗakin girki, maza kuwa suna ofis. Mai yiwuwa haka ne, amma abin da ido ya saba gani ba ya zama hujja a kundin bincike sai an ƙirga shi ta hanyar da wani zai iya maimaitawa ya sami sakamako iri ɗaya. Hanyar da aka fi bi wajen wannan ƙirga ita ce nazarin ƙunshiya: a tsara ƴan tambayoyi, a ba kowace amsa lamba, sannan a bi tallace-tallacen ɗaya bayan ɗaya ana cike jadawali.

Ayyuka biyu ne galibin masu wannan nazari suke ɗora harsashinsu a kai. A 1975 McArthur da Resko suka nazarci tallace-tallace kusan 200 na talabijin ɗin Amurka. Ga kowane babban ɗan wasa sun tambayi abubuwa kamar waɗannan: yana magana a matsayin masanin kayan ko mai amfani da su, wace rawa yake takawa, kuma a wane wuri yake. Sun tarar an fi nuna maza a matsayin masana, mata kuwa a matsayin masu amfani da kaya, kuma an fi ganinsu a cikin gida. Aiki na biyu shi ne littafin Erving Goffman mai suna Gender Advertisements, wanda ya fito a 1979. Shi hotunan mujallu ya duba, yana lura da yanayin jiki: wa ya fi tsawo a hoto, wa ke tsaye wa ke ƙasa, wa ke kawar da ido.

Jadawalin da za mu gwada a nan ƙarami ne, tambayoyi huɗu kawai. Biyu na farko daga McArthur da Resko aka aro su. Ta ɗaya ita ce matsayi: 1 ga masaniya, 2 ga mai amfani da kaya. Ta biyu ita ce wuri: 1 ga gida, 2 ga wurin aiki ko kasuwa, 3 ga wani wuri dabam. Ta uku ita ce muryar rufewa, wato wadda ke ambaton sunan kaya a ƙarshe: 1 ga mace, 2 ga namiji, 3 idan babu.

Tambaya ta huɗu Hausa ce ta ba mu ita, kuma a nan ɗalibin ilimin harshe ya fi kowa riba. Ingilishi ba ya bambanta jinsi a mutum na biyu, haka ma wakilan suna na Faransanci, tu da vous. Hausa kuwa tana tilasta wa mai talla ya zaɓa. Ko ya ce “ki nemi”, ko “ka nemi”, ko ya koma jam'i ya ce “ku nemi”, ko ya kauce gaba ɗaya da “a nemi” ko umurni tsagwaronsa, “nemi”. Hatta mallaka tana tona asiri, don “miyarki” da “gonarka” kowace ta faɗi wanda ake nufi. Saboda haka sai mu sa 1 ga ki, 2 ga ka, 3 ga ku, 4 ga sigar da ba ta nuna jinsi ko adadi. Wannan tambaya tana da sauƙin cikewa, domin kalmar ko an faɗe ta ko ba a faɗe ta ba, kuma tana aiki a rediyo inda babu hoto ko kaɗan.

Kafin a fara cikewa sai an yanke shawara a kan abin da ake ƙirgawa. Tallan da aka maimaita sau goma a dare ɗaya, ɗaya ne ko goma? Mai son sanin abin da kamfanoni ke ƙirƙirawa zai ƙirga shi sau ɗaya. Mai son sanin abin da mai kallo yake ci karo da shi zai ƙirga goma. Duka biyun daidai ne, muddin an faɗi wanda aka zaɓa. Haka kuma sai an rubuta tashar da lokacin, domin tallan watan azumi ba irin na damina ba ne.

To mu ɗauki talla guda, wanda na tsara domin wannan darasi a bisa salon da kowa ya sani. A tsakar gida amarya ta ɗanɗana miyarta ta ɓata fuska. Uwargida ta leƙo ta ce mata: “Amarya, me kika sa a miyar nan?” Ita kuwa ta ce: “Wallahi Yaya, duk abin da ake sawa na sa.” Uwargida ta miƙa mata ɗunƙulen magi, ta nuna mata lokacin da ake jefa shi a tukunya. Maigida ya ci ya yaba. Daga nan muryar namiji ta ambaci sunan kayan ta ce: “Uwargida, ki neme shi a shago mafi kusa.”

Tambayoyi uku ba su da gardama. Wuri 1 ne, muryar rufewa 2, wakilin suna 1. Amarya ma ba ta da wuya, mai amfani da kaya ce. Uwargida fa? Ba ma'aikaciyar kamfanin ba ce, ba ta sa farar rigar likita ba, don haka a ma'aunin da aka aro ta faɗa lamba 2. Amma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san a wannan fage ita ce mai ilimi, ita ke koyarwa, kuma maganarta ce ta sayar da kayan. Mutum biyu masu hankali za su iya ba ta lamba dabam-dabam, kowa da hujjarsa.

Wannan ne dalilin da ya sa ba a yarda da jadawalin da mutum ɗaya ya cike shi kaɗai. Ana ba mutum biyu tallace-tallace iri ɗaya, kowa ya cike nasa ba tare da shawara da ɗan'uwansa ba, sannan a gwada. Mu ƙaddara tallace-tallace 20 ne, a kan tambayar matsayi. A guda 12 dukansu sun sa mai amfani, a guda 4 dukansu sun sa masaniya. A guda 3 na farko ya sa masaniya, na biyu ya sa mai amfani, a guda 1 kuma akasin haka. Sun dace ke nan a 16 cikin 20, wato 0,80.

Wannan adadi yana da daɗin gani, sai dai yana ruɗi. Da yake amsoshin biyu ne kacal, kuma ɗaya ta fi yawa, ko da ido rufe suka cike za su dace sau da yawa. Ma'aunin da Jacob Cohen ya gabatar a 1960, wanda ake kira kappa, yana cire wannan dacewar ta sa'a:

κ = (Po − Pe) / (1 − Pe)

Po ita ce dacewar da aka gani, 0,80. Pe kuwa dacewar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Na farko ya sa mai amfani sau 13, masaniya sau 7, wato 0,65 da 0,35. Na biyu ya sa mai amfani sau 15, masaniya sau 5, wato 0,75 da 0,25. Idan aka ninka 0,65 da 0,75 za a sami 0,4875, idan aka ninka 0,35 da 0,25 za a sami 0,0875, jimillarsu 0,575. Sai a cire 0,575 daga 0,80 ya rage 0,225, a raba da 0,425, a sami kimanin 0,53. A ma'aunin Landis da Koch na 1977, daga 0,41 zuwa 0,60 dacewa ce tsaka-tsaki kawai. Abin yi shi ne a koma kan guda 4 ɗin da aka saɓa a ga abin da ya haɗa su. Idan duk irin uwargidan nan ce, laifin na jadawali ne, kuma maganinsa a ƙara lamba ta uku, masaniya ta gogewa, a rubuta ma'anarta a fili, a sake gwaji da sababbin tallace-tallace.

Matsalar da ta fi wannan zurfi tana can inda masu cikewa suka dace sarai amma lambar ta faɗi abin da ba haka yake ba. Tambayar wuri ita ce babban misali. An raba gida da wurin aiki ne bisa tunanin cewa matar da ke gida ba ta neman kuɗi. A ƙasar Hausa wannan rabo ba ya tsayuwa. Polly Hill, wadda ta yi bincikenta a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa maƙala a 1969 a kan cinikin ɓoye da mata ke yi daga cikin gidajensu. Har gobe a Maraɗi da Damagaram mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa da mai fura da yawansu daga tsakar gida suke sana'a, yara su fita da kayan. Kalmar talla kanta wannan yawon na yara da faranti a ka take nufi tun kafin ta hau rediyo. Matar da aka nuna gaban babbar tukunya a tsakar gida tana iya zama mai dafa abincin sayarwa, jadawalin kuwa zai sa mata 1, mai karatu ya fassara ta da matar da ke jiran miji. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a raba wuri da aiki, a ƙara tambaya a kan ko akwai alamar sana'a a fagen, kamar kwanon awo ko mai saye a bakin ƙofa.

Ma'aunan Goffman ma sai an yi hattara da su. A wurinsa sunkuyar da kai da zama ƙasa alamun ƙasƙantar da kai ne. A wurinmu durƙusawa gaisuwa ce da saurayi ma yake yi wa dattijo, kawar da ido kuma kunya ce da ake nema ga na ƙasa, mace ko namiji. Ba ina cewa jinsi ba ya ciki ba, yana ciki ƙwarai. Amma wanda bai rubuta shekaru da dangantakar mutanen biyu ba, ba zai iya rarrabe durƙuson da jinsi ya jawo da wanda girma ya jawo ba. Kuma in har mata kaɗai aka ƙirga, ba a ƙirga maza da ma'auni iri ɗaya ba, adadin ba shi da abin da za a gwada shi da shi.

Akwai kuma tallan da aka ɗauka a wata ƙasa aka ɗora masa muryar Hausa. Hotonsa na can ne, kalmominsa na nan. Idan mai fassara ya ci karo da vous, shi ne ya zaɓi ki ko ku, ba wanda ya tsara tallan ba. Ya kamata irin waɗannan su sami layinsu dabam a jadawali, kuma duk wanda ya sami talla ɗaya cikin Faransanci da Hausa ya jera su gefe da gefe, ya ƙirga sau nawa vous ta koma ki, da kuma irin kayan da ake tallatawa a duk inda hakan ta faru.